Yadda Iska Ke Riƙe Zafin Duniya

Hasken rana yana ratsa iska ya iso ƙasa ba tare da wani cikas mai yawa ba. Ƙasa takan sha shi ta ɗumama, sannan ta mayar da zafin sama ta hanyar wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infared. Shi ne hucin da ake ji a jikin katanga bayan magariba, alhali rana ta riga ta faɗi. Da a ce wannan huci yana wucewa samaniya kai tsaye, da matsakaicin zafin doron duniya ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifiri. Amma yana wajen digiri 15 ne, saboda wasu iskoki suna tare shi a hanya.

Abin mamakin shi ne, iskokin da suka fi yawa ba su da hannu sosai a wannan aiki. Naitirojin ita ce kashi 78 cikin ɗari na iska, oksijin kashi 21, kabon dayoksaid kuwa kashi 0.04 kacal. A 1859 John Tyndall ya cika bututu da iskoki daban-daban, ya aika huci ta ciki. Naitirojin da oksijin suka bar shi ya wuce, kabon dayoksaid da tururin ruwa suka shanye wani ɓangare.

Sirrin yana cikin ƙirar ƙwayoyinsu. Infared igiya ce ta lantarki mai kaɗawa, kuma ba ta iya kama ƙwayar iska sai idan motsin ƙwayar yana karkata cajin lantarkinta zuwa wani gefe. Ƙwayar naitirojin zarra biyu ce iri ɗaya, haka ma ta oksijin. Ko sun miƙe ko sun matse, cajin a daidaice yake, don haka igiyar ba ta samun wurin kamawa. Kabon dayoksaid kuwa zarra uku ce a jere, kabon a tsakiya, oksijin dama da hagu. Tana iya lanƙwasa kamar baka, kuma da ta lanƙwasa sai cajin ya karkata. Saurin wannan lanƙwasa ya yi daidai da infared mai tsawon zangon maikromita 15, wanda ƙasa ke fitarwa da yawa. Sai ta sha, ta ɗumama iskar da ke kewaye da ita, a sake fitar da hucin ta ko'ina, har da ƙasa.

Tururin ruwa ma haka yake aiki, kuma ana gani da hunturu a Kano ko Damagaram: iska ta bushe, zafi ya tsere da dare, gari ya waye da sanyi mai ratsa ƙashi.

Kafin zamanin masana'antu, kabon dayoksaid tana wajen 280 cikin miliyan, yanzu ta haura 420. Idan ta ƙaru, sai huci ya kai can sama sosai kafin ya samu mafita. Can kuwa akwai sanyi, abu mai sanyi kuma huci kaɗan yake fitarwa. Dole ƙasa ta ƙara ɗumama har abin da ke fita ya yi daidai da abin da rana ke kawowa.