Amsar Imel Mai Kai Kanta: Me Ya Kamata Ta Ƙunsa?

Ma'aikacin ofis a Tudun Wada da ke Jos zai tafi hutun ƙarshen shekara, alhali saƙonni ba za su daina shigowa ba. A Gmail, sai ya shiga Settings, ya kunna Vacation responder, ya cike First day da Last day.

Abu uku ake buƙata a saƙon: ranar dawowa, wanda zai riƙe aikin, da yadda za a yi da lamarin gaggawa. Misali: "Ina hutu, zan dawo ofis ranar Litinin, 5 ga Janairu, 2026. Batun biyan kuɗi, a tuntuɓi akawunmu ta adireshin da ke ƙasa. In abu ba zai jira ba, a kira lambar ofis, za a amsa a ranar. Sauran saƙonni sai na dawo."

Kada a rubuta "mako mai zuwa", domin Gmail kan sake aika amsar ga mutum ɗaya in ya sake rubutowa bayan kwana 4, sai lissafi ya rikice. A Last day a sa 4 ga Janairu, kada amsar ta ci gaba da fita kana ofis. Kuma a nemi yardar mai riƙon kafin a ambace shi.