Yadda Ake Fassara Alƙaluman Ma'aunin Damuwar Masu Jego Ga Likita

A asibitocin sha-ka-tafi na wannan ƙasa, irin waɗanda ke garuruwa kamar Jiwa da ke ƙaramar hukumar Birnin Abuja, ba kullum ake samun likitan ƙwaƙwalwa ba. Saboda haka ma'aikacin lafiya kan dogara da takardar tambayoyi domin ya gano waɗanda ya kamata likita ya duba. Ɗaya daga cikin sanannun takardun nan ita ce ma'aunin Edinburgh, wanda John Cox da abokan aikinsa Holden da Sagovsky suka buga a shekarar 1987 a ƙasar Birtaniya, domin gano ciwon damuwa da kan kama mace bayan haihuwa. Tambayoyi 10 ne game da halin da mai jego ta kasance ciki a kwana 7 da suka shige. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, watau jimla ba ta wuce 30.

Kowane ma'auni irin wannan yakan zo da alƙaluma iri biyu, kuma galibin kurakuran da ake yi wajen kai rahoto ga likita daga cuɗanya su suke fitowa.

Na farko shi ne tsayuwar ma'auni, watau ko yana ba da amsa iri ɗaya in an maimaita awo. Na biyu shi ne ingancinsa, watau ko abin da aka ce yana aunawa shi yake aunawa. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san bambancin nan. Mudun da aka buga wa gindi zai ba da awo iri ɗaya sau ɗari, amma duk ɗarin nan da tauye. Ya tsaya, bai inganta ba.

Lambar tsayuwa da aka fi ambata ita ce alfa, wadda Lee Cronbach ya bayyana a shekarar 1951. Tana nuna yadda amsoshin tambayoyin ke tafiya tare, kuma ƙarshenta 1 ne. Masu ma'aunin Edinburgh sun sami 0.87. Ba a faɗa wa likita cewa wai ma'aunin yana yin daidai sau 87 cikin 100, domin lambar nan ba ta ce kome a kan ko mace tana da ciwon ko ba ta da shi ba. Amfaninta ga likita shi ne ta nuna masa yawan lilon da makin mace ɗaya zai iya yi. Ana lissafa shi haka:

```
SEM = SD × √(1 − r)
```

A nan SD shi ne gwargwadon warwatsuwar maki a tsakanin matan da aka auna, r kuwa lambar tsayuwa. Alal misali, a ce warwatsuwar 5 ce, tsayuwar kuma 0.87. Amsa za ta fito kusan 1.8. In aka ninka biyu, domin a sami tazarar da za a amince da ita sau 95 cikin 100, ya zama maki 3 da rabi ko ɗoriya, sama ko ƙasa. Ke nan macen da ta sami 12, makinta na ainihi yana iya kasancewa ko'ina daga 8 zuwa 16. Haka kuma wadda ta sami 14 a makon jiya, ta sami 12 a yau, ba za a rubuta cewa ta sami sauƙi ba, gama irin wannan ɗan bambanci lilon ma'auni kaɗai yana iya kawo shi.

Shi inganci kuwa, ana gane shi ne ta gwada sakamakon takardar da hukuncin ƙwararre wanda ya zauna da matan ɗaya bayan ɗaya. Cox da abokansa sun yi haka da mata 84. Da suka sa iyaka a maki 13 zuwa sama, ma'aunin ya kama kashi 86 cikin 100 na masu ciwon, ya kuma wanke kashi 78 cikin 100 na masu lafiya. Waɗannan lambobi biyu ba su ne amsar tambayar likita ba. Abin da likita yake so ya sani shi ne: macen nan da ta haura iyaka, wadda ke zaune a gabansa, yaya yiwuwar cewa lalle tana da ciwon?

Amsar ta dogara ga yawan masu ciwon a cikin matan da aka auna. A ɗauka, don misali kawai, wata ma'aikaciyar lafiya a Jiwa ta auna masu jego 200 da suka kawo jarirai allurar rigakafi, kuma 30 daga cikinsu ne ke da ciwon da gaske. Daga cikin 30 ɗin nan ma'aunin zai kama 26, ya tsallake 4. Sauran 170 lafiyarsu ƙalau, amma 133 kaɗai zai wanke, ya jefa 37 cikin jerin waɗanda ake zargi. Waɗanda suka haura iyaka sun zama 63 ke nan, masu ciwon a cikinsu 26, watau kamar 4 cikin kowace 10. A binciken 1987 wannan lamba ta kai kashi 73 cikin 100, domin masu ciwon sun yi yawa a cikin matan da aka zaɓa. Wanda ya kwafo 73 ɗin nan ya liƙa a rahoton ɗakin rigakafi ya ruɗi likita, ko da bai yi nufi ba.

Ta ɗaya gefen kuwa labarin ya fi daɗi: daga cikin 137 da ba su kai iyaka ba, 4 kaɗai ne ke da ciwon.

Akwai kuma batun harshe da wuri. Alƙaluman 1987 na matan Scotland ne, waɗanda suka karanta takardar da Turanci, suka cika da hannunsu. A Jiwa kuwa mai yiwuwa karanta wa mace za a yi, a fassara mata da Hausa ko da Gwari, wata sa'a uwar mijinta na tsaye a gefe. Tambaya ta 6 ma karin maganar Turawa ce, wadda in aka juya ta kalma da kalma sai ta zama kamar ana tambayar mace ko kaya sun hau kanta, alhali nufin shi ne ko al'amura sun fi ƙarfinta. Ita kanta iyakar takan motsa. A binciken da Richard Uwakwe ya buga a shekarar 2003 a kan masu jego a Nnewi, maki 9 ne aka ga ya fi dacewa, ba 13 ba. Inganci ba tambari ba ne da ake buga wa takarda sau ɗaya. Na wasu mutane ne, a wani harshe, a kan wata iyaka.

Saboda haka rahoto mai amfani yakan faɗi harshen da aka yi tambayoyin da shi, da ko karanta wa matar aka yi, da iyakar da aka bi da inda aka samo ta. Maimakon a rubuta "tana da ciwon damuwa", sai a rubuta kamar haka: "Ta sami maki 14 cikin 30. An karanta mata da Hausa, ita kaɗai. An bi iyakar 13 ta binciken Birtaniya. Makin yana iya lilo da 3 ko 4. Ana bukatar likita ya gana da ita."

Tambaya ta 10 ita ce ba a barin ta ta nutse cikin jimla. Tana bincikar ko tunanin cutar da kai ya zo wa mace. Duk wadda ta sami ko da maki 1 a wannan tambaya, ana rubuta shi dabam a saman rahoto, a sanar da likita ko babbar unguwarzoma a ranar, ko da jimlar makinta bai wuce 5 ba.