Takardar da Mai Kula da Saba Ke Bar wa Magajinsa

Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanai a kan babbar saba, yana zaton a kan mataimakiyarta yake aiki. Kafin ya ankara, kusan gigabait 300 sun tafi. Da aka je ɗauko kwafin ajiya, sai aka tarar wayam. Manhajar da ke yin kwafin, `pg_dump`, samfurin 9.2 ce, rumbun kuwa PostgreSQL 9.6 ne, saboda haka aikin yana ta faɗuwa ba wanda ya sani. Na'urar tana aika imel na gargaɗi, amma ana ƙin karɓar saƙon a hanya saboda ba ya ɗauke da shaidar da ake buƙata. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin ɓarnar ne ya cece su. Aikin da jama'a suka yi a waɗannan awanni ya salwanta.

Duk mai kula da saba da ya san aikinsa, irin wannan ramin yake tsoron bar wa wanda zai gaje shi. Shi ya sa idan zai bar aiki yake rubuta takardar miƙa aiki, wadda ke bayyana abin da ake dubawa kowace safiya, da wuraren da ya san suna da rauni.

Raggon rubutu zai ce "a duba ajiya kullum". Wannan bai tsinana wa magaji komai ba, domin bai san kamannin lafiyayyar ajiya ba. Gwani zai faɗi ƙarfe nawa na dare kwafin ke farawa, inda fayil ɗin ke sauka, da girman da ya saba kaiwa. A ce fayil ɗin jiya gigabait 40 ne, na yau kuma kilobait 2 kacal: aikin ya faɗi, ko da ba saƙon da ya iso. Zai kuma rubuta ranar ƙarshe da aka gwada dawo da bayanai daga kwafin, da tsawon lokacin da hakan ya ci. Wannan layin ne aka fi tsallakewa, galibi don gwajin ya daɗe ba a yi ba, mai tafiya kuma ba ya son ya faɗa.

Sai sararin faifai. A sabar Linux, umarni biyu sun wadatar:

```
df -h
df -i
```

Na farko yana nuna kaso nawa na faifan ya cika. Na biyu yana ƙidaya guraben rajistar fayiloli, domin miliyoyin ƙananan fayiloli kan cinye guraben kaf, na'ura ta ƙi rubuta komai alhali sarari na nan. A nan ma lamba ita kaɗai ba ta isa ba. Faifan da ya shekara a kashi 80 cikin 100 ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ya tashi daga 60 zuwa 80 cikin mako guda kuwa, mako mai zuwa zai cika.

Sashen rauni ya fi wuyar rubutawa, domin tonon asirin kai ne. Nan ne mai tafiya zai ce akwai tsohuwar saba da ba a yarda a kashe ta, don ba tabbas za ta sake tashi. Nan zai jera ranakun da takardun shaidar tsaron shafuka za su ƙare, da yadda ake sabunta kowace. Kada a raina wannan: a watan Fabrairu na 2020 manhajar Teams ta Microsoft ta tsaya na wasu awanni saboda takardar shaida guda da aka bari ta ƙare.

Akwai kuma raunin da tafiyar tasa ce ke haifar da shi. Ayyukan da ya tsara su riƙa gudana da kansu cikin dare, sau da yawa a ƙarƙashin asusunsa suke, saƙonnin gargaɗi kuma imel ɗinsa suke zuwa. Ranar da ofis ya rufe asusun, ayyukan na iya tsayawa, gargaɗin kuma ya riƙa faɗawa akwatin da ba mai buɗewa. Umarnin `crontab -l` a asusun nasa zai fito da jerin, sai a mayar da kowane aiki asusun ma'aikata tun yana nan.

Kalmomin sirri ba sa shiga takardar. Sai dai ta faɗi ma'adanar da aka kulle su da wanda ke da ikon buɗewa, sannan a canza duk waɗanda mai tafiya ya sani. Kafin ranar sallama, magajin ne zai zauna gaban na'ura ya bi takardar layi-layi, tsohon yana gefe hannu a aljihu. Duk inda magajin ya tsaya ya yi tambaya, a rubuta amsar a wurin nan take.