Yadda ake lanƙwasa fuska a hoto don ta dace da kan wani, da alamomin da ke tona aikin

A shagunan ɗab'i na Area 10 da ke Garki a Abuja, da makamantansu a wasu unguwanni, akwai aikin da ake yawan kawo wa masu tsara hoto. Iyali kan zo da tsohon hoton fasfo na mahaifinsu da ya rasu, suna son a fito da shi cikin babbar riga da hula, a sa a firam. Tunda babu irin wannan hoton nasa, sai a ɗauko na ƙaninsa, a ɗora fuskar marigayin a kai. Da wannan dabarar ce kuma ake haɗa hotunan bogi da ke yawo a lokutan zaɓe, shi ya sa sanin yadda ake yin ta ke da amfani ko ga wanda bai taɓa buɗe Photoshop ba.

Yanko fuska da manna ta ba su da wuya. Wahalar ita ce kawunan mutane ba siffa ɗaya suke ba: wani fuskarsa doguwa ce, wani mai faɗin muƙamuƙi ne. Domin cike wannan bambanci ake amfani da Warp da Liquify. Dukansu biyun tura ɗigogin hoto suke yi daga wuri zuwa wuri, kamar yadda ake jan roba. Ba sa ƙirƙiro abin da babu shi a hoton, kuma daga nan ne duk iyakokinsu suka samo asali.

A ɗauki misalin marigayin da ƙaninsa. Mai aikin zai yanko fuskar daga goshi zuwa haɓa, ya aza ta a kan hoton ƙanin, ya rage Opacity zuwa kashi 50 domin ya riƙa ganin fuskokin biyu a lokaci ɗaya. Abin da ake fara daidaitawa shi ne idanu. Idan tazarar ƙwayoyin idon ƙanin ɗigo 180 ce, ta marigayin kuma 150, sai a danna Ctrl+T a ƙara girman fuskar zuwa kashi 120, tsawo da faɗi tare, sannan a juya ta kaɗan har ido ya hau kan ido. A wannan matakin ba a lanƙwasa komai ba tukuna.

Da idanu sun daidaita, sai bambancin ya fito. A misalin nan, haɓar marigayin ta zarce ta ƙanin da ɗigo 25, kumatunsa kuma sun gaza kaiwa gefen kunnuwa da kamar ɗigo 15 a kowane ɓangare. A nan ake buɗe Warp, wanda ke shimfiɗa raga a kan fuskar. Sai a kama ragar ta ƙasa a ɗaga haɓa, a kama ta gefe a buɗa kumatu. Warp na gyaran da ya shafi babban yanki ne, domin duk inda aka ja, makwabtansa ma sai sun motsa.

Ƙananan gyare-gyare kuwa aikin Liquify ne, wanda ake shiga da Shift+Ctrl+X. Tun shekarar 2016 kamfanin Adobe ya ƙara masa sashen Face-Aware Liquify, mai ma'aunai irin su Jawline da Chin Height da Face Width, waɗanda ake ja daga -100 zuwa 100. Amma ba kullum yake gane fuskar da aka yanke mata gefe ba, don haka masu aikin kan koma ga Forward Warp, su tura da hannu. Ƙwararre yakan fara da shafa Freeze Mask a kan idanu da hanci da baki, domin kada su motsa. Daga nan ya zaɓi babban buroshi, ya sassauta ƙarfinsa, ya riƙa turawa kaɗan-kaɗan. Ƙaramin buroshi kan bar gefen fuska da lotsa-lotsa kamar tsohon kwano.

Dalilin kulle tsakiyar fuska shi ne a nan mafi yawan kamannin mutum suke. Gefen kumatu yana jure ja, amma da zarar an taɓa tazarar ido da hanci, ko ta hanci da baki, sai iyalin su dubi hoton su ce wannan ba babansu ba ne, alhali ba za su iya nuna abin da ya sauya ba. Haka mai aikin ke tsakanin matsi biyu. Idan ya ja da yawa, fuskar ta zauna daram amma mutumin ya ɓace. Idan ya ja kaɗan, mutumin yana nan amma fuskar ta yi kama da abin da aka liƙa.

Akwai kuma abin da babu gwanintar da ke gyara shi. Idan marigayin yana kallon kyamara kai tsaye, ƙanin kuma ya ɗan juya gefe, to hanci da kuncin da ke nesa ba za su taɓa zama daidai ba, domin hoton fasfon bai ɗauki fuskar ta wannan kusurwar ba. Mai gaskiya a sana'ar cewa yake a nemo wani hoton.

Duk inda aka ja hoto, akwai sawu. Fatar da aka miƙe takan yi santsi da dishi-dishi, ramukan gashinta su zama dogaye, alhali fatar wuya da ta kunne suna nan da kaifinsu. Gemu yakan karkata duka zuwa ɓangare ɗaya a gefen muƙamuƙi. Idan ba a kulle idanu ba, baƙin ido zai tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. Ga mai zane a fuska abin ya fi sauƙin ganewa, domin askar da aka san ta a miƙe sai ta fito a tanƙware. Idan kuma an yi aikin bayan an haɗe hotunan wuri ɗaya, jan yakan shafi abin da ke kusa: bakin hula, aikin wuyan riga, ko layin ƙofar da ke bayan mutum. Sai dai tufafinmu suna taimaka wa mai haɗin. Rawani da hijabi da ɗankwali suna rufe kunnuwa da layin gashi, wato daidai wuraren da ɗinkin ya fi bayyana, don haka a irin waɗannan hotuna sai a koma ga haske: inuwar hanci ta faɗi ɓangaren da inuwar wuya ta faɗi, ko kuwa?

Duk da haka, bambancin siffar kai kaɗai ba hujja ba ce. A shekarar 2018 an yi ta yaɗa hotunan Shugaba Muhammadu Buhari gefe da gefe, ana kwatanta kunnuwa da fuska, da iƙirarin cewa an musanya shi da wani Jubril daga Sudan, har sai da ya ƙaryata zancen da bakinsa a ƙasar Poland cikin watan Disamba na shekarar. Nisan kyamara, da karkatar kai, da rama bayan jinya, duk suna sauya fuskar mutum ɗaya. Saboda haka masu tantance labarai, irin su Dubawa da ke Abuja, kan nemi ainihin hoton da aka ciro jikin ko fuskar daga gare shi. Idan aka samo riga ɗaya da kujera ɗaya da fuskoki biyu, magana ta ƙare.

Ta fuskar doka, hoton tunawa da iyali suka nema daban yake da wanda aka haɗa don zamba. Sashe na 22 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya haramta sojan gona da sunan wani da nufin yaudara.