Kalmar sirri kaɗai ta daina buɗe ƙofa

Idan jami'in kwamfuta ya aiko sanarwar shiga mataki biyu, ga nufinsa: bayan kalmar sirri, za ka rubuta lambobi 6 daga manhajar waya irin Google Authenticator. Lambobin kan sauya duk daƙiƙa 30, kuma suna fitowa ko babu intanet. Wanda ya saci kalmar sirrinka sai ya mallaki wayarka ma.

In an ƙi karɓar lambar, fara duba agogon wayar, domin da lokaci ake lissafa ta. Saita shi ya riƙa daidaita kansa. In wayar ta ɓace, yi amfani da lambobin ajiya da aka ba ka ranar rajista, ka sanar da jami'in nan take. Duk wanda ya kira yana neman lambar, kada ka faɗa masa, ko ya ce shi ne jami'in.