Amsar Masu Bita: Daga Doguwar Wasiƙa Zuwa Jadawali

Malamin jami'a ba ya hawa matakin gaba sai da maƙalu a mujallun ilimi, kuma mujalla ba ta buga maƙala sai masana biyu ko uku, waɗanda galibi marubucin bai san ko su wane ne ba, sun yi mata bita. Bayan watanni sai saƙon edita ya iso ɗauke da hukunci, sau da yawa `Major revision`, wato a yi gyara mai yawa a dawo da ita. Ƙarƙashin hukuncin kuma ga tsokacin masu bitar, shafi biyu ko uku.

Abin da sabon shiga yakan yi shi ne ya gyara maƙalar, sannan ya rubuta doguwar wasiƙa: godiya a sama, godiya a ƙasa, a tsakiya kuma "mun gyara duk abin da aka nuna mana." Wannan ladabi ne, amma ya bar wa wasu aikinsa. Mai bita ba a cika biyansa ko sisi ba, kuma ya daɗe da manta abin da ya rubuta. In sai ya buɗe shafi ashirin da biyar yana lalube kafin ya ga ko an bi maganarsa, to da ɓacin rai zai yi karatun. William Stafford Noble ya buga shawarwari goma kan wannan a mujallar PLOS Computational Biology a 2017, kuma biyu daga cikinsu su ne a amsa kowane batu, a kuma sa amsar ta wadatar da kanta ba sai an koma maƙalar ba. Jadawali hanya ce ta cika waɗannan biyun.

Mu ƙaddara wata malama a sashen aikin gona ta gwada ajiyar wake a buhu mai leda biyu a ciki da kuma buhun da aka saba, don ta ga inda ƙwari suka fi ɓarna. Jadawalinta zai zama mai gida huɗu daga hagu zuwa dama: lambar batu, maganar mai bita, amsarta, sai abin da ta canza da wurin da yake. Maganar mai bita kwafo ta ake yi yadda take, ba a taƙaita ta, domin mai taƙaitawa yakan zubar da ɓangaren da ya fi yi masa ciwo ba tare da ya sani ba.

Aikin farko shi ne tsinka tsokacin. Masu bita ba su cika rubutu a tsare ba. A ce mai bita na biyu, a batunsa na huɗu, ya rubuta sakin layi guda yana cewa ba a faɗi yawan buhunan da aka gwada ba, ba a ga yadda aka auna danshin waken ba, kuma sakamakon shekara ɗaya bai isa a yanke hukunci ba. A ido batu ɗaya ne, amma buƙatu uku ne. A wasiƙa, malamar za ta amsa na farko da na biyu, na ukun ya sulale. A jadawali kuwa kowanne sahunsa daban: 2.4a, 2.4b, 2.4c. Sahun da ba a cika ba zai tsaya fayau yana kallonta.

Na farkon mai sauƙi ne. Amsa: mun yarda, an ƙara bayanin. Gida na huɗu: sashen hanyar bincike, shafi na 6, layi na 132 zuwa 134, sannan ta liƙa sabuwar jimlar kanta, cewa an yi amfani da buhu huɗu na kowane iri, kowanne da kilo 50. Liƙa jimlar nan ita ce ribar jadawalin. Mai bita ya karanta, ya gamsu, ya wuce.

Na ukun ne mai ƙaya, don ba za ta iya komawa baya ta ƙirƙiro wata shekarar ba. Wasu a nan sukan rubuta "an gyara" alhali ba a taɓa komai ba, kuma gida na huɗu yakan tona musu asiri tunda babu layin da za su nuna. Abin da ya dace shi ne ta faɗi gaskiya: ba a ƙara gwaji ba, ga dalili, amma an sassauta da'awar. Sai ta nuna wurare biyu, sabon sakin layi a sashen tattaunawa da ya amsa cewa sakamakon na shekara ɗaya ne, da jimlar taƙaitawa inda "ya tabbatar" ya koma "ya nuna alamar". A ganina, ko inda marubuci ke da gaskiya kuma mai bita ne bai fahimta ba, gara a taɓa jimlar. In masani ya yi tuntuɓe a wuri, ɗalibi faɗuwa zai yi.

Wani lokaci masu bitar kan saɓa wa juna: na ɗaya ya ce a rage gabatarwa, na biyu ya ce a ƙara mata. Sai a zaɓi guda, a faɗi dalili, a sa kowane sahu ya ambaci lambar ɗan'uwansa, a kuma ja hankalin edita a 'yar gajeriyar wasiƙar da ke saman jadawalin.

Lambar layi ce ke ba mutane kunya. A Word ana kunna ta daga `Layout`, sai `Line Numbers`, sai `Continuous`. Amma duk jimlar da aka ƙara a shafi na 3 tana tura abin da ke bayanta ƙasa. Wanda ya cike lambobin yana cikin gyara, zai wayi gari layi na 132 ya koma 141. Don haka lambobin su ne aikin ƙarshe. Kafin nan a rubuta sunan sashe kawai. Akwai kuma tarko na biyu. Mujallu irin su PLOS ONE kan nemi fayil uku: amsar masu bita, maƙala mai nuna gyare-gyare da `Track Changes`, da maƙala tsaftatacciya. Lambobin layi na iya bambanta tsakanin biyun nan, domin abin da aka goge yana iya ci gaba da cin wuri a mai nuna gyaran. Dole a rubuta a saman jadawalin wanne fayil lambobin ke nufi. Word kuma ba ya ƙirga layukan da ke cikin jadawalan maƙala, saboda haka gyaran da ya faɗa can da lambar jadawalin ake nuna shi. Wanda ya manta bai kunna `Track Changes` ba kuwa, `Compare` da ke ƙarƙashin `Review` zai haɗa masa tsohon fayil da sabo ya fito da bambancin.

Jadawali ma yana da iyakarsa. Amsa mai tsawon shafi guda, ko mai ɗauke da zane, takan matse a siririn gida har ta gagari karatu. Irin wannan a fito da ita ƙasan jadawalin a bar manuniya a sahunta. Akwatin rubutu na manhajar tura maƙala kuma yakan wargaza tsarin, shi ya sa ake ɗora jadawalin a matsayin fayil.

Kafin turawa, malamar za ta ba abokin aikinta jadawalin ya bi kowane sahu zuwa maƙalar. Sannan ita ta yi tafiyar a juye: ta bi kowane jan rubutu a fayil mai nuna gyara ta nemo sahunsa. A nan za ta tarar da adadin da ta gyara da kanta a jadawali na 2 na maƙalar, wanda babu mai bitar da ya nema. Shi ma sai ta buɗe masa sahu a ƙarshe, ƙarƙashin gyaran marubuta, ta faɗi tsohon adadin da sabon da abin da ya jawo kuskuren.