Albarka, Amma Ga Gyara: Yadda Tela Zai Ƙi Ragi Ba Tare da Ya Kori Mai Kaya Ba

Azumi na kamawa, shagunan teloli a Kano da Zariya da Maraɗi sukan cika da shadda da yadi, tare da masu neman ragi. Tela ya faɗi kuɗin ɗinki, mai kaya ya ce, "Haba Malam, ni fa na gida ne, a duba mini." A nan teloli da yawa suke faɗuwa, don kunya takan sa su sallama kafin su yi lissafi.

A ce kaftani ne da wando, da aiki a wuya, an yi masa kuɗi naira 15,000. Mai aikin wuya zai karɓi 5,000. Zare da gam da maɓalli 2,000, fetur da kuɗin wuta 1,500, yaron da ya haɗa wando 2,500. An kashe 11,000 ke nan, saura 4,000, kuma a ciki za a fitar da kuɗin haya. Idan Alhaji ya taya 12,000, a ganinsa kashi ɗaya cikin biyar kawai ya nema. Amma mai aikin wuya ba zai rage nasa ba, gidan mai ma haka, don haka ragin duk daga ribar tela zai fita. Naira 1,000 za ta rage masa, sai ya yi ɗinki huɗu kafin ya sami abin da ɗaya yake ba shi.

Shi ya sa nake ganin ƙin irin wannan ragi ba rowa ba ne. Telan da ya karɓi kuɗin da bai gamsu da shi ba, shi ne yakan ture kayan gefe ya fara da na wanda ya biya cikakke, ko ya sa zare mai araha. Daren Sallah kuma a yi ta sa-in-sa a bakin shago.

Amsar tana bukatar fitowa fili tun farko. "Bari mu gani" alkawari ne a kunnen mai kaya, zai tafi da tunanin an rage masa. Gara a ce, "Albarka, Alhaji. Wallahi mai aikin wuya kaɗai dubu biyar yake karɓa, in na sauka ƙasa da haka aikin ba zai fito yadda kake so ba." Dalili ɗaya ya isa. In aka shiga dogon bayani kan tsadar rayuwa, sai ya zama kamar roƙo, shi ma mai kayan yana da nasa kukan.

Daga nan sai gyara, kuma kada a bar tazara a tsakani: "Amma ragowar yadin nan zai isa ɗan wando, zan ɗinka wa ƙaramin yaronka, ba sai ka biya ba." Dubi abin da ya faru. Wandon yaro aikin ɗan lokaci ne da zare kaɗan, wataƙila bai ci wa tela fiye da naira 500 ba, alhali da Alhaji zai kai shi wani shago, abin da zai biya ya ninka haka. Wannan shi ne ma'aunin gyara mai kyau: abin da yake da sauƙi a wurin mai bayarwa, yake da daraja a wurin mai karɓa. Guga kyauta ma tana cikin wannan sahu, haka nan yarda a ba da rabi kafin alƙalami, a cika ranar karɓar kaya.

Idan da gaske kuɗin Alhaji ba su kai ba, sai a rage aikin tare da kuɗin. A nuna masa aikin wuya mai sauƙi na 3,000, ɗinkin ya koma 13,000. Ya sami sauƙin 2,000, ribar tela kuma tana nan yadda take.

Akwai gyaran da ya fi ragi tsada. Mafi haɗari shi ne alkawarin "zan gama maka jibi" a goman ƙarshe na azumi. Ba a ganin kuɗinsa a take, amma zai sa a kwana a kan keke ana ƙona fetur, a kuma saɓa wa wasu mutum uku. Haka kuma jera tayi: in tela ya ba da wando, ya ƙara guga, ya kuma cire 1,000, mai kaya zai gane cewa matsawa tana biya, gobe da abokansa zai zo da farashin.

Wanda ya kawo kala biyar lokaci guda lissafinsa daban ne. Awo ɗaya za a yi, yanka ma a zama ɗaya, mai aikin wuya kuma yakan sassauta idan aiki ya yi yawa. A nan ana iya cire 1,000 a kowace kala, amma a faɗa masa a fili cewa saboda yawan ne, don kada ya dawo da kala ɗaya bayan Sallah yana neman 14,000.